Hajiya, Ajiye Haifon Nan Tukuna

Na san ku kashi biyu ne. Akwai su Malam masu cewa, "Kakanninmu da toka da soso suka yi wanke-wanke, ga shi sun ga jikoki." Akwai kuma su Hajiya, waɗanda in falo bai yi warin asibiti ba, a wurinsu ba a yi shara ba. To, duk ku matso, yau ba wanda zai tsira.

Malam, kana da rabin gaskiya, amma kada ka fara gyara hula. Ruwa da sabulu, ko omo, ba lallai su kashe ƙwayoyin cuta ba. Aikinsu shi ne su ɓamɓare maiƙo da dauɗa, su tafi da yawancin ƙwayoyin cikin ruwan ɗauraya. A gidan da kowa ke lafiya, wannan mataki na farko ya wadatar wa tebur, da daɓe, da marikin ƙofa. Ba sai an zuba magani ba.

Amma bari mu shiga kicin ranar da ka yanko kaza. An gyara ta a kan katakon yanka, anjima kuma a kansa za a yanka latas da tumatir. Kazar za ta sha wuta, latas ɗin fa? Ɗanyen naman kaji na iya kasancewa ɗauke da salmonela, mai sa zazzaɓi da zawo. Nan ake buƙatar mataki na biyu, wato rage ƙwayoyin har su daina zama barazana. A fara wanke katakon da omo, a ɗauraye. Sai a zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na bilic a lita ɗaya ta ruwa, wato ledar fiya wata biyu. A jiƙa katakon da wuƙar, a bar su kamar minti biyu, a jingine su bushe da kansu. Kada a sa tsumman nan da ya kwana a jiƙe a goge, don shi ne zai dawo da abin da aka kora.

Hajiya tana murmushi, wai an zo wurinta. Ba a zo ba. Na san yadda kike yi: ki tuntsira haifo a bokiti ba awo, ki tsoma mofa, ki bi ta kan miyar da yara suka zubar. Sinadarin kulorin da ke cikin haifo yana ƙarewa ne a kan duk dattin da ya fara tararwa. In ya gama kokawa da miyar kuka, da wane ƙarfi zai fuskanci ƙwayar cuta? Wari kuwa ba shaida ba ne. Hanci ne kawai ya gamsu.

Mataki na uku, wato kashe ƙwayoyin sosai, yana da ranarsa: ranar da yaro ya kwana yana amai da gudawa, ko jini ya zuba a ƙasa. Duba jikin robar, yawancin bilic na kasuwanninmu kashi 3.5 cikin ɗari ne. In haka ne, sa safar hannu ko leda, ki kwashe aman da takarda, ki wanke wurin da sabulu. Sannan ki haɗa kofi ɗaya na bilic da kofi shida na ruwa, ki zuba a wurin, ki bar shi minti goma a jiƙe. A jiƙe fa na ce! Wannan fesa-da-gogewar da kike yi cikin ƙiftawar ido, asarar kuɗi ce. Su kuma buta, da kan famfo, da marikin ƙofar bayi, waɗanda kowa ke taɓawa, cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya ya ishe su, a bari aƙalla minti ɗaya. Ƙarfe yana tsatsa da bilic, don haka a ɗauraye shi daga baya. In kuwa gudawar ta koma kamar ruwan shinkafa, ajiye bokitin, asibiti za a nufa.

"To in na haɗa haifon da maganin wanke masai, ai zai fi ƙarfi?" Zai fi ƙarfi a kan huhunki, Hajiya. Yawancin magungunan masai suna da asid, in ya haɗu da bilic sai iskar kulorin ta taso, ido ya yi yaji, numfashi ya sarƙe, ga bayi ƙarami ba taga. Ruwan sanyi kaɗai ake haɗa shi da shi. Kuma haɗin na yau ne kawai, don zafi da hasken rana suna cinye ƙarfinsa. Wanda kika adana a gora tun satin sallah, zubar da shi.

Malam, kai kuma na ga ka lallaɓa za ka fice. Dawo, kai ka yanko kazar, ga katako can yana jiranka.