Yadda Ake Ba Tayar Mota Mai Lodi Iska Ba Tare Da Duba Ba

Ana auna iskar tayar a-kori-kura da Hayis ta hanyoyi uku a tasha: a doki tayar da ƙafa, a ƙwanƙwasa ta da sifana a kasa kunne, ko a karanta lambar da ke jikinta a ce wa mai faci ya cika har can. Ta ukun ta fi kama da ilimi, shi ya sa ta fi yaudara.

Lambar jikin taya, kamar 65 PSI da ke kan 195R15C mai fulai takwas, iskar da tayar ke buƙata ce idan ta ɗauki iyakar nauyinta. Kamfanin taya bai san motar da za a ɗaura wa ita ba, balle buhunan da za a jibga mata a Dawanau. Wanda ya ƙera motar shi ya san wannan, kuma ya manna amsar a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin littafin mota, gaba daban, baya daban, sau da yawa har da adadin mota wayam da na mai lodi. Takardar takan ɓuya ƙarƙashin sitikar ƙungiyar direbobi.

Idan takardar ta salwanta, sai a nufi sikelin manyan motoci da lodin yadda yake, har da kwandasta, a auna tayoyin baya su kaɗai. A ce sikeli ya nuna kilo 1,700: kowace taya na ɗauke da 850. Lamba 106 da ke jikin irin wannan taya na nufin kilo 950 a kan 65 PSI, don haka jadawalin kamfanin tayar zai ba da abin da ya kusanci 58. Gaba kuwa, da nauyinsa bai kai haka ba, idan aka ɗura masa 65 sai mota ta dinga tsalle a gargada, birki ya rage kamu, tsakiyar taya ta cinye. Ƙarancin iska ya fi muni: gefe biyu su cinye, taya ta yi zafi, ta fashe a hanya, a ɗora laifin kan sammu.

In sikeli ya nuna kilo 2,200, kowace taya ta haura iyakarta da 150. Babu iskar da ke maganin wannan, kuma mai yiwuwa motar kanta ta wuce ƙa'idarta. Sai a sauke buhu uku aƙalla, ko da mai kaya zai rantse masarar tasa ba ta da nauyi.

Da sanyin safiya ake awo, ko bayan mota ta huta awa uku, da gejin da ba a taɓa takawa ba. Tayar da ta taso daga Kano zuwa Zariya da rana takan nuna ƙarin 4 zuwa 6. Ba a sace wannan ƙarin, domin in ta huce za ta koma ƙasa da yadda ake so.