Na'urar Sanyi Ma Tana Mura

Duk wata, na'urar sanyin da ke manne a bangon falonmu sai ta fara yajin aiki: ga gurnani, ga cin wuta, amma sanyin ko na tulu bai kai ba. Maigida ya ce gas ne ya ƙare. Ina! Ƙura ce ta toshe mata hanci.

Ga maganin: kashe wuta daga bango, ɗaga murfin gaba, zare ragar tace ƙura guda 2. Namu, kai ka ce tankaɗe aka yi da su. Wanke su da ruwa da ɗan sabulu, ka shanya a inuwa, don rana na lanƙwasa roba. Sai sun bushe sarai za ka mayar, in ba haka ba falo ya ɗau warin gumi. Wanke su duk mako 2 zuwa 4 ya isa, amma da hunturu a Kano, duk mako 2 ma alfarma ce.

Siraran ƙarafan da ke bayan raga kuwa sun fi amarya shagwaɓa. Burushi mai laushi kawai, daga sama zuwa ƙasa, kada su tanƙware. Wankin sosai na mai gyara ne, sau 1 ko 2 a shekara. In ta fara yi wa bango fitsari, yawanci bututun fitar ruwa ne ya toshe, ba sai ta jira shekarar ba.