Mutum Bakwai da Ƙarar Silin

A farkon zafin bara, wajen tsakiyar watan Maris, wani abu ya tare a silin ɗin gidanmu a Kano. Da rana shiru kake ji. Sai dare ya raba, wajen ƙarfe 1 ko 2, ya fara: ƙarr, ƙarr, ƙarr, kamar ana kankare ƙanzo a gindin tukunya, daidai saman ɗakin yara. Kwana goma sha tara muka yi muna farautarsa. Ban ƙaru da sanin dabbobi sosai ba, amma na gano cewa duk gidan da silin ya yi ƙara, mutanensa kan rabu gida bakwai.

Mai cewa ba na duniya ba ne

Wannan kujerar ta Gwaggo ce. Tun daren farko ta yanke hukunci cewa mutanen ɓoye ne, kuma ta san dalili: bishiyar tsamiyar da aka sare a bayan gida shekaru shida da suka wuce. Idan ka ce mata ai sun daɗe ba su zo ba, sai ta ce su ba sa gaggawa. Ta turara habbatus sauda da jan miski har Auta ya yi ta tari, ta hana kowa fito da dare, ta hana zubar da ruwan zafi a makwarara. Irin Gwaggo ba a kayar da su a musu. In ƙarar ta tsaya, turare ya yi aiki. In ta ci gaba, sun fusata da turaren.

Masanin ɓeraye

Kawu ya zo daga Kurna da jakar leda cike da kayan yaƙi: tarko uku, kwalin gam biyu, busasshen kifi da ƙuliƙuli. Ya tsaya tsakar ɗaki ya ɗaga kai kamar likita, ya ce ko dai ɓera ne ko gafiya, kuma daga nauyin tafiyar ya fi zaton gafiya mai ciki. Bai taɓa jin ƙarar da kunnensa ba, domin a gidansa yake kwana.

A gaskiya Kawu ya san aikinsa. Shi ya koya mana cewa ɓera ba ya bin tsakiyar fili, jikin bango yake bi, saboda haka a nan ake ɗana tarko. Ya ce kuma ɓera yana tsarguwa da sabon abu, sai a bar masa abincin kwana biyu ba tare da an ɗana ba, ya saki jiki tukuna. Matsalar ita ce an hana shi hawa silin, sai ya jera tarkunan a kicin da bayan kwaba. Ɗaya ya kama jaɓa, ɗaya ya kama babban yatsan Auta. Da ya ga haka sai ya cusa guba ta wata kafa a bakin kwano, abin da ya san bai kamata ba. Bayan kwana uku wani ɓera da bai san hawa ba bai san sauka ba ya mutu a can ciki, wari ya cika gida har mako guda, ƙuda suka zo ta'aziyya. Ƙarar kuwa tana nan yadda take.

Jarumin rana

Yaya Babba da azahar zaki ne. Yana zaune a kan benci yana cewa, “Wallahi yau ko mene ne sai na fito da shi ta wutsiya.” Ya tanadi gora da tocila da takalmin ruwa, ya jingine su a bakin ƙofa inda kowa zai gani. Da ƙarfe 2 ta yi, sai a tashe shi a ji yana munshari mai tsari, irin wanda mai barcin gaske ba ya iyawa. Da safe ya yi ta faɗa: “Don me ba ku tashe ni ba?” Ranar da Umma ta yayyafa masa ruwa ya miƙe, sai ya gano cewa batirin tocilar ya yi sanyi, kuma namiji mai hankali ba ya shiga yaƙi da makami rabi.

Mai karatun tsoro

Anti tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya, kuma duk abin da ta karanta da rana sai ya iso gidanmu da dare. Ita ta sanar da mu cewa zazzaɓin Lassa daga fitsari da kashin wani irin ɓera ake kamuwa da shi, kuma sunan ya samo asali daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gane cutar a 1969. Gaskiya ta faɗa, kuma albarkacinta aka sayo robobi masu murfi aka juye gari da shinkafa, aka daina barin tuwo a buɗe. Sai dai daga ranar, duk wanda ya yi atishawa sai ta ɗora masa hannu a goshi ta dube shi da idon bankwana.

Mai labarin gidan wasu

Maƙwabciyarmu Maman Biyu ba ta taɓa zuwa da shawara ba, sai da misali. A gidan ƙanwar kishiyar yayarta, haka aka yi ta jin ƙara, da aka buɗe sai ga mesa. A wani gidan kuma mujiya ce ta yi ƙyanƙyasa, kuma kowa ya san abin da ake cewa game da mujiya. Takan ƙare da “Allah dai ya kyauta, ni ban ce komai ba,” ta ari ludayi ta tafi, ta bar Umma da hawan jini.

Mai hana a buɗe

Baba ne, kuma shi ya fi ba mu mamaki. Mutumin da in famfo ya ɗiga sau biyu sai ya kira mai gyara, ya kafe cewa ba mai taɓa masa silin. Hujjojinsa kullum sababbi ne: kafinta zai tsuga kuɗi, allon silin ya tsufa zai farfashe, akwai wayoyin wuta a ciki. Ƙofar silin ɗin tana lungun da ke tsakanin ɗakinsa da na yara, sai ya jawo kwabar littattafansa ya tokare ƙarƙashinta.

Babbar hujjarsa ita ce shi bai taɓa jin komai ba. Duk daren da muka buga masa ƙofa, yakan tashi ya ce, “To ku yi tsit, bari in kashe fanka mu saurara.” Ya kashe, mu tsaya cirko-cirko, ƙarar ta yi ƙasa ta ɗauke ɗif. Sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Ina take?” Gwaggo ta ce suna jin nauyin mai gida ne. Kawu ya ce gafiya ta san muryar babba.

Mai shiru da littafi

Auta yana aji biyar a firamare, kuma ba wanda ya nemi ra'ayinsa. Tun da tarko ya kama shi ya ɗauki abin da zafi. Ya sami tsohon littafin lissafi, ya riƙa rubuta lokacin da ƙarar ta fara da lokacin da ta tsaya. Ya kuma bi mai gadin makarantarsu, tsohon da ya yi shekaru yana aikin rufi, ya kwaso alamomi. Jemage da magariba yake fita ya dawo da asuba, kashinsa kuma in ka murza sai ya zama gari. Ɓera yana gudu ya tsaya ya yi gwagwiya, ya bar kashi baƙi kamar ƙwayar shinkafa. Ƙadangare sai rana ta yi zafi yake motsi. 'Ya'yan mujiya huci suke yi kamar mai munshari. Kwanon rufi kuma yakan yi ƙas-ƙas jefi-jefi bayan faɗuwar rana, lokacin da yake hucewa. Tamu ƙarar ba ta shiga ko ɗaya ba, domin ba ta matsawa daga wuri guda, kuma bugunta daidai yake kamar agogo. Tsohon ya ce masa abu mai rai yana gajiya, yana kuma canza ra'ayi.

A dare na goma sha tara Auta ya kawo wa Umma littafin. Darare huɗu ba a ji ƙarar ba, kuma su ne dararen da ba a kawo wuta ba. Sauran kuwa, lokacin fara ƙarar shi ne lokacin da firij ke tashi. A unguwarmu a wancan zafin sai tsakar dare ake kawo wuta, kowa ya kashe ƙwai ya kwanta, shi ya sa ba wanda ya haɗa biyun.

Washegari Asabar aka yi sa'a aka kawo wuta da hantsi, Baba yana kasuwa. Umma ta shiga ɗakinsa ta murza fanka zuwa lamba ta ƙarshe, sai ga ƙarr, ƙarr, ƙarr da rana tsaka. Ta kashe, ta tsaya. Aka kashe wutar gidan daga babban makunni, aka janye kwaba, aka kafa tsani. Yaya Babba ya ce shi zai riƙe tsanin, domin nan ne haɗarin yake. Ni na leƙa da tocila, Kawu yana ta gargaɗi daga ƙasa cewa in na hau kada in taka allon, katako kawai zan taka.

Ban ma hau ba. Tsawon hannu ɗaya daga ƙofar, ga babban gwangwanin madara an ɗaure shi da waya a jikin katakon da ƙugiyar fankar Baba take rataye. Fiffiken fankar ɗaya ya lanƙwashe tun da aka buge shi da katifa lokacin sanyi, sai take rawa tana girgiza katakon. Katakon yana jan gwangwanin, gindinsa yana gugar allon silin a saman ɗakin yara, har ya ci wurin ya yi fari. Shi Baba da ke kwance ƙarƙashin fankar, iskarta kawai yake ji.

Umma ta buɗe murfin a tsakar gida. Takardun naira dubu-dubu ne a ɗaure da kyauro, dami huɗu.

Da Baba ya dawo ya tarar da mu zaune kewaye da gwangwani kamar masu jiran rabon gado. Ya dubi tsanin, ya dubi Auta, ya cire hula ya mayar. Ya ce kuɗin ragon layya ne.

Umma ta ce, “Malam, wannan ragon har da akwatuna zai zo?”

Gwaggo ta ce ita dai tun farko ta faɗa cewa akwai abin ɓoye a sama. Kawu ya ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, ba wanda ya gane da wa yake. Mai gyara ya zo ya daidaita fiffiken, Umma ta biya shi daga cikin gwangwanin, ta kuma saya wa Auta sabon littafi da takalmi. Tun daga ranar silin ɗinmu bai sake motsi ba. Mutum ɗaya ne kawai a gidan har yanzu ba ya samun barci, kuma in an kawo wuta shi kaɗai ne ba ya kunna fanka.