Yadda Ake Rubuta Bidiyon Amsa Koke Ba Tare Da An Zama Lauyan Kamfani Ba

Bidiyon amsa koke gajeren bayani ne na minti biyu zuwa uku, wanda kamfani ke yi domin masu amsa wayarsa su samu su sha ruwa. Ga kamfanin da ke da manhajar tura kuɗi a Najeriya, gano manyan koke biyar ba ya buƙatar taron manajoji a otal. Rajistar kiran wata guda ta isa, kuma abin da za a tarar a ciki sananne ne: an cire kuɗi bai shiga ba, an yanki caji, lambar tabbatarwa ba ta zo ba, an kulle asusu, an kira ba a ɗauka ba. Wani manaja zai so a ƙara cewa jama'a ba su fahimci sabon tsarin kamfani ba. Wannan talla ce, sai a ajiye masa ita zuwa wani lokaci.

Rubutun farko kusan kullum da rigar lauya yake fitowa, domin mai rubutun a kamfanin yake karɓar albashi. Ga yadda yakan kasance: "A matsayinmu na kamfani mai kula da abokan hulɗarsa, muna sanar da ku cewa jinkirin da wasu tsiraru ke fuskanta ba daga gare mu ba ne, matsalar netwok ce." Jimla ɗaya ce, amma ta yabi kamfani, ta mayar da mai koke tsiraru, ta kuma ɗora laifin kan wanda ba ya wurin balle ya kare kansa. Mutumin da ke tsaye gaban mai shinkafa a kasuwar Singa, an zare masa dubu arba'in mai kaya kuma bai ga alat ba, bai samu ko abu ɗaya da zai yi da ita ba.

Abin mamaki shi ne sau da yawa maganar netwok ɗin gaskiya ce. Kuɗin da aka tura wani banki yana bi ta NIBSS ne kafin ya isa, kuma yana iya maƙalewa a can ko a bankin mai karɓa. Matsalar tana wurin da aka ajiye maganar. Idan dalili ya zo a farko, kunne yana jin sa a matsayin zamewa, idan kuwa ya biyo bayan magani sai ya zama bayani. Saboda haka kowane koke ana jera amsarsa haka: a faɗe shi da kalmomin mai shi, a faɗi abin da zai yi yanzu, a faɗi lokacin da zai ga sakamako, sannan dalili ya shigo a jimla guda, kamar baƙon da aka ce ya gaisa ya wuce.

Koke na farko, bayan an gyara shi, zai zama haka: "An cire muku kuɗi, wanda kuka tura wa kuma bai gani ba. Kada ku sake turawa tukuna. Ku buɗe rasidin, ku kwafi Session ID, lamba ce mai tsawo, ku turo mana ta cikin manhaja. Cikin awa 24, ko dai kuɗin ya isa, ko ya dawo, ko mu faɗa muku inda yake. Yakan tsaya ne a hanya tsakanin bankuna biyu, bin sawunsa kuma aikinmu ne." Gargaɗin kada a sake turawa shi ne mafi tsada a cikin bidiyon, domin wanda ya tura sau biyu yakan wayi gari duka biyun sun shiga, sai ya koma roƙon mai shinkafa. Awa 24 ɗin nan kuwa misali ce. Adadin da za a rubuta shi ne wanda sashen mayar da kuɗi ya yarda zai cika ko da ranar Juma'a ce ta ƙarshen wata. "Nan ba da jimawa ba" ba lokaci ba ne, ba a taɓa ganin sa a fuskar agogo ba.

Kan caji, lissafi ake yi a fili. Jadawalin Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki a Janairun 2020 ya sa naira 10 a kan turawar da ba ta wuce 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, sai naira 50 a kan abin da ya haura. Idan aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5, sai 25 ta zama 26.88, wadda ita ce lambar da ke sa mutane tunanin akwai aljani a cikin manhaja. Akwai kuma naira 50 ta gwamnati a kan turawar 10,000 zuwa sama. A nuna waɗannan a kan allo, a ce wannan namu ne, wancan na hukuma. Sunan gwamnati sau ɗaya ake ambata. Wanda ya maimaita shi sau uku ya fara share hawayensa ne da kuɗin datar mai kallo.

Lambar OTP ba ta cin lokaci. A ce wa mutum ya duba ko layin da ya yi rajista da shi ne a wayar, ya jira ƙidayar ta ƙare kafin ya nemi wata, domin sabuwa kan kashe tsohuwa, kuma kada ya karanta ta ga kowa, ko da mai kiran ya rantse daga ofishin yake. Asusun da aka kulle kuwa, jimlar farko ita ce: "Kuɗinku yana nan." Bayan numfashi ya dawo ne za a yi maganar umarnin Babban Banki na Disamban 2023 da ya wajabta haɗa asusu da BVN ko NIN, a nuna inda ake shigar da lambobin 11. Ba a cewa "kun gaza sabunta bayananku". Ana cewa "saura abu ɗaya".

Koke na biyar shi ne mai wuya, domin ba shi da dalilin da zai yi daɗin ji. Bayanin cewa kira ya yi yawa yana nufin masu kuka sun yi yawa, abin da bai kamata kamfani ya yi shelarsa da bakinsa ba. A nan ake kashe ban haƙurin, guda ɗaya tak: "Kun kira ba mu ɗauka ba, ku yi haƙuri." Sai a ba da wata hanyar, da sa'o'in da akwai ɗan Adam a bayanta. Bidiyon da ya ba da haƙuri sau bakwai ya bar amsa koke ya koma zaman ta'aziyya.

Kafin a kunna kyamara, ana karanta rubutun da ƙarfi a gaban wanda ya fi daɗewa a teburin amsa waya. Duk inda ya yi murmushin gefen baki, akwai alkawarin da ba za a cika ba. Sannan a bi kowace "amma" da ta biyo bayan ban haƙuri a goge, a ƙirga "mu" da "ku": idan "mu" ta rinjaya, lauyan ya dawo ta taga. Mai gabatarwa ya rage fara'a a wurin maganar kuɗin da ya maƙale, a kuma sassauta kiɗa. Ana karanta kimanin kalma biyu a daƙiƙa, don haka kalma 300 ta cika minti biyu da rabi, wato kalma 60 ga kowane koke. A kusurwar allo a rubuta watan da aka ɗauki bidiyon, domin caji da ƙa'idoji suna canzawa, kuma ranar da suka canza sai an sake ɗaukar wannan sashen.