Bikin da Ba a Ci Bashi Ba

A makon nan ma an sake jin kirarin nan a majalisun Ƙofar Dawanau: "Bikinmu ko kwabo ba mu ci bashi ba, adashi muka ɗauka." To, ɗauka ta nawa? Mutum goma suna zuba naira dubu 50 a wata, ango ya roƙi uwar adashi ta ba shi ɗaukar farko. Ya karɓi dubu 500, amma dubu 50 ce kawai guminsa. Sauran dubu 450 kuɗin mutane ne, zai yi wata tara yana biya, amarya na jiran cefane. Wanda ya jira ɗaukar ƙarshe shi ne ya yi tanadi. Na farko bashi ya ci, an dai ɗaura wa bashin rawani.

Za a ce kafin ɗaukar ƙarshe ta zo, atamfa ta tashi a Kantin Kwari. Gaskiya ne. Sai dai ba a saukar da aya kan a sayi lefe rana ɗaya ba. Turmi ɗaya a wata, a jefa a akwati, farashin yau ya zauna a ciki. Ita ma gara, uban amarya yana da kasuwar Dawanau a kan hanyar Katsina, inda hatsi ke sauƙi da kaka.

Rabon kuwa kowa ya san shi: sadaki, lefe da muhalli na ango, kayan ɗaki da gara na gidan amarya. Rigimar tana wajen abubuwan da ba su da uba, wato kamu, dina, mai hoto da ankon ƙawaye. Kowane ɓangare yana cewa "Allah zai rufa asiri" yana kallon aljihun ɗaya ɓangaren. Ba a zama a rubuta wa zai biya me kafin sa rana, wai kunya. Ranar da mai ɗakin taro ya riƙe makulli, ba a ganin kunyar.

Sai littafin gudummawa, wanda ya fi na banki tsaro. Hajiya ta kawo dubu biyu da kwalla a bikin Yaya Babba, an rubuta. Shekara da shekaru littafin na ƙarƙashin katifa, ɓera ya ci bangonsa amma bai taɓa shafin kwallar ba, don shi ma yana tsoron gori. Ran bikin 'yarta za a biya, da ƙari, ko da kwallar ta huje tun zamanin Abacha. Ba kotu, ba Hisbah, amma ba a taɓa cinye wannan bashi an kwana lafiya ba.

Kuma ita rumfar da ake kafawa a tsakiyar titi, a kasafin wa take? Ango bai biya ba, surukai ba su biya ba. Mai adaidaita sahu ne ke biya da mansa, yana zagaye lungu, fasinja na zaginsa, ga ko ƙullin alkaki ba a miƙo masa ba.