Malam Mai Gyara Ya Shiga Tsangaya



Kafin na faɗi abin da bincikena ya gano, bari na tona wa kaina asiri. Ina da ciwon gyara. Ba na iya jin ana karatun Alƙur'ani na riƙe bakina. Ko a motar haya direba ya kunna karatu, ina daga baya ina kasa kunne ko zan samu abin kamawa. Ɗan Islamiyya ne ni, a riwayar Hafsu na tashi. To, wannan mutumin ne ya ɗauki takarda da biro ya shiga tsangaya auna karatun almajirai.

Ga yadda aka yi. Na zaunar da wani titibiri da ya daɗe da wuce babbaƙu da farfaru, na miƙa masa shafi daga bugun Madina irin na Islamiyyu. Ya ga harafi mai ɗigo ɗaya a sama, ya karanta shi ƙaf. Na ja jan biro. Ya sake, na sake ja. Da ya kawo Fatiha da ka, bai ja mimun "Maliki" ba, ban san sanda na ce, "Ja shi mana!" ba.

Alaramman tsangayar bai ce uffan ba. Allon yaron kawai ya juyo mini.

Ku dubi allon tare da ni. Tsangaya Warshu take karantawa, da rubutun Magaribi. A wannan rubutu, ɗigo ɗaya a sama ƙaf ne, fa kuwa ɗigonta a ƙasa yake. A bugun da na ba shi, ɗigo ɗaya a sama fa ce, ƙaf ɗigo biyu gare shi. Mimun nan ma Warshu ba ya jan sa. Yaro na kan daidai, mai biro ne yake ta kirari a gonar da ba tasa ba.

Daga nan babban sakamakon binciken ya fito: jarabawar da aka buga da Hafsu, idan aka kai ta tsangaya, bambancin riwaya da na rubutu take ƙirgawa a matsayin kuskure. Gane hakan ba wuya. Kuren rashin iyawa a warwatse yake zuwa. Na riwaya da rubutu kuwa wuri ɗaya yake komawa kullum: fa da ƙaf, hamzar da ake sassautawa, da yamala.

Kada dai a ce na koma lauyan gardawa. Mayar da ladi lamun zalla ba Warshu ba ne, aikin tajwidi ne, kuma nan zan ci gaba da gyara ko an harare ni.

Roƙona ga masu shirya irin wannan awo: ku tambayi riwayar yaro kafin ku ba shi takarda, ku buga shafin da rubutun da ya sani, sannan ku zaunar da alaramma cikin masu ba da maki.