Yadda Ake Yi Wa Takardun Lakca Jere Kafin Jarrabawa Ta Yi Sallama

Ƙanena, saura mako 3 a shiga jarrabawa, kai kuma dukiyarka ta ilimi tana warwatse: littafin rubutu guda mai ganye 80, handawut biyu da ruwa ya taɓa, hotunan allo a waya wanda kan wani dogon ɗan ajinku ya rufe rabinsu, da wasu takardu da ka yi fotokwafi daga littafin waccan ɗalibar mai kyan rubutu. Duk suna nan bisa tsarin ranar da malam ya faɗe su. Abin da ke gabanka tamkar kayan ɗakin amarya ne da aka sauke daga mota a tsakar gida: komai ya iso, babu abin da ya ɓata, amma kafin ka sami cokali sai ka ɗaga katifa. Jere ne ba a yi ba.

Dalilin jeren ɗaya ne. Malam yana koyarwa bisa kalanda, amma yana tambaya bisa maudu'i. Ba za ka taɓa buɗe takardar jarrabawa ka ga an ce, "Rubuta abin da na faɗa ranar Talatar da aka yi ruwa" ba. Za a ce ka tattauna dalilan abu kaza, amsar kuwa tana ɓoye a wuri huɗu cikin littafinka, tsakaninsu akwai makonni, akwai hutun Salla.

Bari mu ɗauki kwas ɗin tarihin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Daular Sakkwato, mu yi aikin a kansa.

Kafin komai, ajiye birukan nan masu launi bakwai da ka sayo. Na san zuciyarka ta raya maka ka buɗe sabon littafi ka kwafe komai da kyakkyawan rubutu. Mai yin haka yakan ƙare da makon farko da na biyu sun yi kwalliya kamar katin ɗaurin aure, sauran makonni kuma ko kallonsu bai yi ba. Fensir kawai kake bukata yanzu. Ka bi duk shafukan ka sa musu lamba. Littafinka ya zama L1, L2, har ƙarshe. Handawut ya zama H1, H2. Fotokwafin littafin baiwar Allah ya zama F1, F2. Hotunan waya ka tara su wuri guda, ka rubuta ranar kowanne a takarda. Kada ka yage ko shafi ɗaya, domin lambar nan ita ce adireshin da za ka riƙa komawa.

Sai kanun batutuwa. Kada ka ƙago su da ka. Wuri biyu ake samo su: takardar tsarin kwas da malam ya raba a makon farko, wadda nake fata ba ita aka ƙunsa maka ƙosai a ciki ba, da kuma tambayoyin jarrabawar shekarun baya, na shekara 3 zuwa 5 in sun samu. Takardar tsarin kwas tana gaya maka abin da malam ya yi niyyar koyarwa, tsofaffin tambayoyi kuma suna nuna maka inda zuciyarsa take komawa. Idan ka shimfiɗa su gefe da gefe, a kwas ɗinmu za ka fito da kanu kamar haka: ƙasar Hausa kafin 1804, rayuwar Shehu da malamansa, dalilan jihadi, hijira da yaƙe-yaƙe, tsarin mulkin daula, alaƙa da Barno, rubuce-rubucen jagororin jihadi, sai zuwan Turawa a 1903. Takwas ke nan. Tsakanin 6 da 10 shi ne daidai. In ka ga kanunka sun kai 25, ka sake kwafe kalanda ne da wani suna. In kuma 3 ne kacal, to ɗaya daga cikinsu ya haɗiye rabin kwas. Ka ba kowane kai harafi guda: A, B, C, har ƙarshe.

Yanzu aikin da ya fi kowane amfani, kuma mafi arha. Ka karanta takardunka daga farko zuwa ƙarshe sau ɗaya, da sauri, ba don haddacewa ba. Duk sakin layin da ka wuce, ka rubuta harafin kansa a gefen shafi. Shafi guda yana iya ɗaukar haruffa uku, domin malam ɗan Adam ne, yana cikin bayanin yaƙi sai wani ya ɗaga hannu, hira ta karkata zuwa haraji. Abin da ka kasa gane inda ya dosa, sa masa alamar tambaya ka wuce. Lambar wayar da ka rubuta a L23, da lissafin bashin mai shayi da ke bayan bango, da layin nan da ya fara miƙe ya gangara ƙasa lokacin da gyangyaɗi ya ɗauke ka a lakcar ƙarfe biyun rana, waɗannan ba su da kai, ka bar su da alherinsu.

Mu tsaya kan C, dalilan jihadi, mu ga abin da fensir ya tono. A L9, mako na biyu, malam yana bayanin Gobir ya ambaci jangali da sauran harajin da suka yi wa talakawa da makiyaya nauyi. A L21 akwai zaman Magami, inda Shehu ya ƙi karɓar kyautar Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, ya nemi abu biyar a madadinta, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. A L34 ga dokokin Nafata: ban da Shehu kada kowa ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, a daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. A F12, ranar da ka tafi bikin abokinka, an yi maganar harin Gimbana da jama'ar Abdussalami a zamanin Yunfa. Can kuma a H7, cikin darasin littattafai, ga Kitabul Farƙi yana lissafa zaluncin sarakuna. Wuri biyar, a takardu iri uku. Wanda ya karanta bisa kwanan wata zai shiga jarrabawa da ɗaya ko biyu daga ciki, ya rubuta rabin shafi, ya zauna yana kallon fanka.

Kai kuwa sai ka ɗauko farar takarda guda, ka rubuta C a samanta, ka jera su bisa ma'ana. Dalilan addini wuri guda, na tattalin arziki wuri guda, na siyasa wuri guda, sannan abin da ya kunna wutar a ƙarshe. Kowane batu layi ɗaya ko biyu ne, da kalmominka, a gabansa kuma ka sa adireshi: "Nafata ya hana rawani da lulluɓi, L34." Kana gama jerawa za ka ga wani abu da littafin bai taɓa nuna maka ba: 'yancin da Bawa ya bayar a L21 shi ne Nafata ya janye a L34. Shafi 13 ne ya raba su, shi ya sa ba ka taɓa haɗa su ba. Wannan haɗin shi ake kira tattaunawa, kuma a kansa malam yake zuba maki.

Doka ɗaya zan matsa maka a kanta: kowane kai takarda guda, gaba da baya. In ya ƙi shiga, ko dai kana kwafe ne, ko kuma kai biyu ne suka shige riga ɗaya, sai ka raba su. Kuma a takardu warware za ka yi, ba a littafi mai ɗinki ba, don in wani bayani ya ɓullo daga baya ka sami inda za ka sa shi.

Akwai batun da yake da gida biyu. Wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Al-Kanemi na Barno suna cikin alaƙa da Barno, suna kuma cikin rubuce-rubuce, tun da Bello ya kawo su a Infaƙul Maisuri. Kada ka rubuta su sau biyu. Ka ba su ɗaki a takardar F ta alaƙa da Barno, a takardar G ta rubuce-rubuce kuma ka sa kibiya, "duba F."

Jere yana tona asiri, ka shirya. Na farko, saɓani. Littafinka ya ce an yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, handawut ya ce 1218. Kada ka tayar da hankalin ɗaki, duka biyun daidai ne, ɗaya Miladiyya ɗaya Hijiriyya. Amma in ka ga ka rubuta cewa Alkalawa ta faɗi a 1803, fotokwafi kuma ya ce 1808, to takwas ɗinka ce ta rasa rabin jikinta saboda sauri, domin ba a ci babban birnin Gobir kafin a yi hijira ba. Irin wannan ba a raba gardamarsa da ƙuri'ar 'yan ɗaki. Ka duba littafin da malam ya ce a karanta, irin na Murray Last da ya fito a 1967, ka gyara, ka rubuta inda ka samo gyaran.

Na biyu, rami. Takardar D ta cika maƙil da Tafkin Kwatto da Tsuntsuwa da Alwasa, saboda kowa yana farke in ana labarin yaƙi. Takardar E, tsarin mulki, layi uku ne a cikinta: an raba kula da daula tsakanin Bello a gabas da Abdullahi a yamma, sai kalmar "waziri" ita kaɗai, sai fili. Ka duba tsofaffin tambayoyi. In E tana yawan fitowa, ka gano ramin tun da sauran kwana, ba a zauren jarrabawa ba. Je wurin mai kyan rubutu da ladabi, ka tambaye ta abu takamaimai: "Don Allah 'yar'uwa, me malam ya ce kan aikin waziri da alaƙar Sakkwato da masarautu?" Wannan ya fi saurin samun amsa a kan "ara mini littafinki" ana gobe jarrabawa, lokacin da ko mahaifiyarta ba za ta ara wa ba.

Kwas irin wannan zama biyu ko uku na awa bibbiyu ya ishe shi. In ka ga kwana biyar sun wuce kana kan kwas guda, biro mai launi ya dawo ta bayan gida. Ban ce a haramta shi ba. Launi ɗaya ya isa, don shekaru da sunaye.

Kada kuma ka rungume takardun nan takwas kana shafa su kamar ka gama. A ƙasan kowace, rubuta tsofaffin tambayoyin da suka shafe ta. Ka kifa takardar C, ka ɗauki tambaya guda, ka ba kanka minti 30, ka amsa da ka. Sannan ka buɗe ka gwada. In ka manta Gimbana, sa mata ɗigo a gefe. Gobe da safe ka fara da masu ɗigo, wanda ya tara ɗigo biyu kuma ka bi adireshinsa ka koma F12 ka karanta shi cikakke.